Sanarwar wanke tanki a gidan haya: yadda munka yi a Mabera

Gidan da ake magana a kai shina Mabera ne cikin garin Sakkwato, gidan kawuna ne, ni ke kula da shi saboda shi ba mazauni ba ne. Magidanta takwas ke ciki, in an haɗa da yara da masu zuwa kwana mutum kamar arba'in. Ruwa daga bohol ne, sumo na turawa zuwa tankunan roba biyu baƙaƙe da ke bisa ƙarfe, kowane lita 2,000. A farkon Fabrairun 2025 mata sunka fara ƙorafi ruwan da ke fitowa da safe ja-ja ne, in an tara a bokiti sai ƙasa ta kwanta, kuma akwai ɗan wari. Mai gyaran famfo ya hau ya duba, murfin tanki ɗaya ya tsage, ƙurar hunturu duk ta shekarar ta samu hanya, hasken rana ma na shiga har gansakuka ta fara kama jikin tankin ta ciki. Ya zura sanda ta taɓa ƙasa ya ɗago, laka ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu. To wanki ya zama dole, kuma wanki na nufin a yanke ma mutane ruwa.

Abin da nike son in yi bayani a kai shi ne takardar da munka rubuta ma 'yan haya, domin a ganina nan ne mafi yawan masu gidaje ke ɓata lamarin. Wankin kanshi ba wuya, kowane mai gyaran famfo ya iya. Amma lokacin da za ka rubuta cewa ruwa zai dawo, wannan sai an zauna an yi lissafi.

Da na kira Kawu na gaya mishi, cewa ya yi, "Kai ɗana, ai aikin awa uku ne, rubuta musu ba ruwa daga safe zuwa azahar, shi ke nan." Shi ma mai gyaran awa uku ya faɗa, kuma gaskiyarshi, goge tanki biyu awa uku ne. Sai dai shi lissafin aikin hannunshi ya yi, bai sa lokacin da maganin zai zauna cikin tanki ba, bai sa zubarwa ba, bai sa sake cikawa ba. Na ce Kawu a yi haƙuri a ba ni zuwa dare in jera aikin ɗaya bayan ɗaya, in ya so sai a sa rana.

Ga yadda lissafin ya fita. Tankunan biyu an haɗe su ta ƙasa da fayif ɗaya kuma ba bawul a tsakaninsu, don haka ba yadda za a yi a wanke ɗaya ɗayan na ba mutane ruwa, dole duka biyun su tsaya tare. In an rufe ruwa ƙarfe bakwai na safe, zubar da abin da ya rage zai ci kamar awa ɗaya. Daga takwas zuwa sha ɗaya wanki, a kwashe lakar da bokiti, a goge bango da buroshi, a ɗauraye. Bayan nan sai kashe ƙwayoyin cuta, wanda shi ne ke cin lokaci. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar na tankunan ruwa shi ne a zuba ruwa mai kyau kwata na tankin, a barbaɗa hodar kulorin mai ƙarfi giram 80 ga kowace lita 1,000 ta girman tankin, a cika shi fal, a rufe, a bar shi awa 24. In ana gaggawa a ninka hodar, sai awa takwas ta isa. Mu gaggawa muke, gida cike da yara, sai munka zaɓi ninkin, wato giram 320 ga kowane tanki, 640 ke nan duka. Sumon gidan na cika tanki ɗaya a kusan awa ɗaya, biyu awa biyu, ke nan sai ƙarfe ɗaya na rana agogon awa takwas zai fara juyawa, ya ƙare tara na dare.

Tara na dare kuwa ba wanda zai hau ƙarfe da tocila ya zubar da lita 4,000 a lungu, ya kunna janareta har tsakar dare mutane na barci. Sai a bari sai bayan asuba. Zubarwa awa ɗaya da rabi, ɗauraya, sake cikawa awa biyu, gwaji, in komi ya tafi daidai sha ɗaya zuwa sha biyu na ranar Lahadi. Aikin awa uku ya koma kwana ɗaya da rabi. Da na karanta ma Kawu wanga lissafi shiru ya yi, sannan ya ce to a rubuta sha biyun. Na ce a'a Kawu, a rubuta biyu na rana, domin wuta na iya ƙin zuwa, janareta na iya yin gardama, gara ruwa ya dawo kafin lokacin da munka faɗa da a ce mun faɗa ya wuce. Mutum zai iya haƙurin awa 31 in tun farko ka ce mishi 31 ne, ya tanadi ruwanshi daidai da haka. Amma ka ce mishi shida ta koma talatin, lokacin ruwan da ya tara ya ƙare, yara ba wanka, ba na girki, wallahi ba haƙurin da za ka ba shi ya ji.

Sai zaɓen rana. Juma'a ba ta cikin lissafi sam, ranar wanka da wankin kayan masallaci ce. Ranakun aiki kuma yara na shirin makaranta da sassafe, ma'aikata na fita. Asabar ta fi, duk da ita ce ranar wankin mata, shi ya sa sai an faɗa da wuri su matso da wankinsu Alhamis ko Juma'a. Abin da ya sa munka ƙi jinkirtawa shi ne azumi na tafe, muna cikin Sha'aban, kuma a shekarar Sarkin Musulmi ya sanar da fara azumi ranar Asabar 1 ga Maris. Duk wanda ya san Sakkwato ya san daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce maki 40, yanke ma mai azumi ruwa a irin wannan lokaci zalunci ne, ba na ma son in ji ana shawararshi. Sai munka tsaya kan Asabar 15 ga Fabrairu. Kafin in rubuta na bi magidanta ɗaya ɗaya na tambaya ko akwai mai suna ko biki ko baƙi a ranar. Ba kowa, sai dai matar ɗaya daga cikinsu ba ta daɗe da haihuwa ba tana wankan jego, safe da yamma, ruwa mai yawa. Wannan mun ajiye ta a rai.

Ga takardar yadda ta fita, ranar Asabar 8 ga wata, mako ɗaya cif kafin aikin:

"SANARWA GA MAZAUNA WANNAN GIDA

Assalamu alaikum. Za a wanke tankunan ruwa biyu na gidan nan saboda lakar da ta taru a ciki, wadda ita ce ta sa ruwa ya canza kala kwanan nan.

Za a rufe ruwa ranar Asabar 15 ga Fabrairu 2025 da ƙarfe 7:00 na safe. Ruwa zai dawo in sha Allahu ranar Lahadi 16 ga Fabrairu kafin ƙarfe 2:00 na rana.

Kowane gida ya tara ruwan kwana ɗaya da rabi. Za a kunna sumo ranar Juma'a 14 ga wata daga bayan la'asar zuwa isha'i domin kowa ya samu.

Ranar Asabar da rana za ku ji ana cika tanki. Wannan ruwan magani ne, ba na sha ba ne, ba na alwala ba, ba na dabbobi ba. Don Allah kada kowa ya taɓa bawul ɗin da ke gindin tanki.

A tabbatar duk famfo a rufe suke, a kashe hitar wanka. Idan ruwa ya dawo a bar famfo ya zuba na ɗan lokaci kafin a tara.

Mai gida ne ya ɗauki kuɗin aikin, ba za a karɓi komai daga kowa ba. Muna ba ku haƙuri bisa takurar da wannan zai jawo, musamman iyayenmu mata. Mai wata larura ta musamman ya sanar da mai kula da gida kafin Alhamis.

Mun gode, Allah ya bar zumunci."

Kowane layi a ciki akwai dalilinshi, amma biyu zan tsaya a kai. Na farko maganar ruwan magani. Mutane sun saba in sunka ji ƙarar sumo, ko sunka ga tanki na ambaliya ta sama, to ruwa ya samu. Yaro mai wayo ya san inda bawul yake, uwarshi ta ce je ka buɗe mana, mai gyara ya manta ne. Ruwan da anka zuba ma giram 320 na kulorin ya ninka ƙarfin ruwan sha sau ɗaruruwa, shina sa ido da maƙogwaro zafi, shina koɗar da tufafi, ga shi kuma in an buɗe an rage shi aikin ya lalace sai an sake. Don haka rubutu kaɗai bai ishe mu ba, mai gyara ya cire hannun bawul ɗin ya sa aljihu. Na biyu maganar ranar da lokacin, a rubuta sunan rana da kwanan wata da ƙarfe nawa da safe ne ko rana. "Gobe" da "jibi" ba su da amfani a takardar da za ta kwana bakwai a bango, wanda ya karanta ranar Talata gobenshi daban da wanda ya karanta Alhamis.

Ban haƙurin kuma da gangan munka taƙaita shi. Kawu ya so a tsawaita, a yi ta roƙon afuwa, na ce ai abin da ɗan haya ke nema shi ne ya san dalili, ya san yaushe, ya san ba za a zo mishi da maganar kuɗi daga baya ba. Layin nan na "ba za a karɓi komai ba" ya kashe tambayoyi da yawa tun ba a yi su ba, domin a gidan haya duk takardar da anka manna abu na farko da mutum ke nema a ciki shi ne nawa za a ce ya kawo.

Nawa ne ruwan kwana ɗaya da rabi? Wannan ban sa a takarda ba don kada ta yi tsawo, da baki na faɗa. Na yi lissafin lita 20 ga mutum ɗaya a rana, sha da girki da alwala da wanka na bokiti. Gida mai mutum biyar lita 150 ke nan, jarka shida ta lita 25, irin wadda 'yan ga-ruwa ke turawa a kura. Masu ban ɗaki na zamani su ƙara jarka biyu, don kora ɗaya tana cin lita shida ko fiye. Matsalar ita ce ba kowane gida ke da jarka shida ba, wasu randa ɗaya ce da bokitai uku, shi ya sa mako ɗaya ke da amfani, mutum ya ara a maƙwabta ko ya ɗauko durom a shago. Ita mai jegon Kawu ya ce a ajiye mata durom cike a ƙofar ɗakinta, a kuma yi magana da ɗan ga-ruwa ya kawo kura ɗaya Asabar da yamma a kuɗin gida.

Isar da sanarwar ma aiki ne. Mun manna takarda a zaure da gindin tanki, na tura hotonta a guruf ɗin gidan na WhatsApp, na kuma yi saƙon murya don akwai waɗanda karatun boko ba ya musu sauƙi. Amma guruf ɗin maza ne a ciki kusan duka, ruwa kuma mata ke aiki da shi. Sai na sa maiɗakina ta shiga ɗaki ɗaki ranar Laraba. Ta dawo ta ce cikin gida takwas, uku matan ba su da labari ko kaɗan, mazan sun gani sun ce to, sun fita kasuwa sun manta. Wata tsohuwa da ke zaune wurin ɗanta a ɗakin ƙarshe, kowa Inna yake ce mata, ta aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Ɗan nan, ruwan da za a zubar fa, ina za ya bi? Raguna biyu ne ɗaure bayan ɗakina." Na ce, "Inna, tiyo za mu ja har kwata, ba zai bi ta wurinsu ba, amma a kawar da kwanon shansu ranar Lahadi da safe." Tambayarta ta sa na je na sanar da maƙwabcinmu na baya shi ma, don lungun ba siminti, lita 4,000 in ta malale a wurin laka ce har ƙofar gidanshi. Ruwan kulorin ba a zuba shi a shuka, ba a tura shi sokawe, sai kwata mai gudu.

Ranar Juma'a bayan la'asar anka kunna sumo, kowa ya tara, bayan isha'i anka kashe ba a sake cika tanki ba, don abin da za a zubar da safe ya zama kaɗan. Na sake tura tunatarwa layi biyu. Litar fetur ta janareta tun ranar na saye na ajiye.

Asabar aiki ya tafi kusan yadda anka tsara. Yaron mai gyaran ne ya shiga ciki, ogan na tsaye a bakin tankin bai matsa ba, don ba a barin mutum shi kaɗai cikin tanki, iska kaɗan ce kuma robar na ɗaukar zafi da wuri. Lakar da anka fitar ja ce mai santsi, bokiti huɗu daga mai tsagaggen murfi, ɗayan bokiti ɗaya da kaɗan. Na bar bokiti ɗaya a tsakar gida da gangan kowa ya gani, matan sunka taru suna salati, daga nan ban sake jin wanda ya tambayi dalilin yanke ruwa ba. Kulorin sai da yaron ya fito anka zuba, an auna a sikeli, ogan ya ɗaure hanci da ƙyalle ya sa safar hannu, kuma bai yarda a haɗa shi da wani sabulu ko maganin wanke ban ɗaki ba, ya ce haɗin na tada hayaƙi mai shaƙe mutum. Anka sa sabon murfi. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci tankuna sun cika an rufe.

Lahadi da safe ba wuta, janareta ya yi aikin. Anka zubar, anka ɗauraye, anka cika, mai gyaran ya ɗebo ruwa ya gwada da ɗan abin gwajin nan da ake jefa ƙwaya ruwa ya koma ruwan hoda. Ƙa'idar ita ce kulorin da ya rage kada ya wuce miligiram 0.5 a lita. Gwajin farko kalar ta yi duhu, sai anka rage ruwan anka ƙara sabo, na biyu ya faɗo daidai. Wajen sha biyu saura anka mayar da hannun bawul anka buɗe, na tura saƙo ruwa ya dawo.

Abu biyu sunka faru bayan buɗewa. Malamin makarantar da ke ɗaki na uku ya tafi Wamakko da iyalinshi tun Asabar da hantsi, yaronshi ya murɗa famfon kicin kafin su fita, ba ruwa, ya bar shi a buɗe. Ruwa na dawowa sai ga shi shina fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Allah ya taimaka kowane ɗaki na da bawul ɗinshi a waje, anka rufe, tabarma da buhun gawayi ne kawai sunka jiƙe. Takarda ta faɗi a rufe famfo, amma yaro ɗan shekara shida ba ya karanta takarda, don haka yanzu duk ɗakin da ke kulle ana rufe bawul ɗinshi na waje kafin a saki ruwa. Na biyu, ɗakunan ƙarshe biyu famfonsu ya yi ta tari shina fesa iska ruwa bai zo ba, iska ce ta shiga fayif lokacin da ya bushe. Mai gyaran ya buɗe famfon da ya fi nisa ya bar shi har iskar ta fita, ya kwance kan shawa biyu da yashi ya toshe ya wanke. Duk wannan ya ci kusan awa ɗaya, kuma da yake biyu na rana munka rubuta, har Inna da ke ɗakin ƙarshe ta samu ruwa kafin lokacin.

Kafin mai gyaran ya sauka Kawu ya yarda anka yanka fayif ɗin da ya haɗe tankunan anka sa ma kowane tanki bawul nashi, na shiga da na fita. Yanzu ana iya ware ɗaya a wanke shi, a bar shi awa 24 cikakku da giram 160 ba sai an ninka ba, ɗayan na ba gida ruwa, sai dai a riƙa kunna sumo sau biyu a rana. Wankin da ya biyo baya bayan damina haka anka yi shi, sanarwarshi layi huɗu ce, ta ce ruwa zai rage ƙarfi kwana biyu, a guji babban wanki, kuma kada a taɓa bawul ɗin da anka ɗaure da jan ƙyalle.